Ra'ayinmu: Mai taƙaita jawabi ɗan aike ne, ya isar da saƙo yadda aka ba shi

Duk daren da wani shugaba ya yi wa ƙasa jawabi, abu ɗaya ne ke faruwa. Kafin a gama taken ƙasa a Télé Sahel, saƙonnin murya sun fara yawo a WhatsApp, kowane da mai cewa "ga abin da ya faɗa a taƙaice". Matashin da ke zaune a fada a Maraɗi, da ɗan ci-ranin da ya taso daga aikin gini a Tamanrasset, da mai shago a Abijan ko Akara, yawancinsu ba za su saurari jawabin daga farko har ƙarshe ba. Wani bai jin Faransanci, wani kuɗin intanet ɗinsa bai kai ba, wani kuma gajiya ce. Abin da zai kai kunnensu shi ne minti biyun da wani ya tsakuro musu.

Wannan ne ya sa muke ganin mai taƙaita jawabi yana riƙe da amana mai nauyi. Da maganarsa ce ɗan ci-rani zai yanke shawarar ko ya taho gida bana ko ya dakata, ko ya aiko da kuɗin sayen hatsi yanzu ko ya jira a buɗe iyaka. Matsayinmu a wannan kafa shi ne: taƙaitawa ta ƙunshi abin da mai jawabi ya faɗa, a ware alkawuransa gefe, a ware abubuwan da ya yi iƙirari gefe, ra'ayin wanda ya taƙaita kuma ya jira nasa wurin. Faɗar haka da baki ba ta da wuya. Yin sa ne aiki, don haka bari mu ɗauki jawabi guda wanda kusan kowa ya tuna, mu bi shi daki-daki.

Jawabin 19 ga Agusta

Ranar Asabar 19 ga watan Agustan 2023 da dare, Janar Abdourahamane Tiani, shugaban majalisar CNSP, ya yi jawabi ta talabijin da Faransanci. A lokacin ba a cika wata guda da hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum ba, abin da ya faru ranar 26 ga Yuli. Ƙungiyar CEDEAO ta riga ta ƙaƙaba takunkumi tun 30 ga Yuli, an rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, kuma ranar 10 ga Agusta shugabannin ƙungiyar sun ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. A ranar jawabin ma wata tawagar CEDEAO ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar ta sauka Yamai. Hankalin kowa a tashe yake, daga Birnin Ƙonni har Diffa, kuma kowace kalma tana iya sa mutum ya kwashe iyalinsa daga bakin iyaka.

Wanda zai taƙaita irin wannan jawabi, aikinsa na farko shi ne ya samo cikakken faifan. Guntun daƙiƙa arba'in da aka yanko aka ɗora a TikTok ba jawabi ba ne, zaɓin wanda ya yanko shi ne, kuma wanda ya taƙaita guntu ya ari ra'ayin wani ba tare da ya sani ba. Idan an samu cikakken, a saurare shi sau ɗaya ba tare da alƙalami ba, don a gane inda maganar ta dosa. A karo na biyu sai a ɗauki takarda, a raba ta gida uku, kuma duk abin da aka rubuta a sa mintin da aka faɗe shi a gefensa, saboda gobe idan gardama ta taso a san inda za a koma.

Gida na farko na alkawari ne, wato abin da mai jawabi ya ce shi ko gwamnatinsa za su yi nan gaba. A jawabin nan akwai manya guda biyu: za a kira taron tattaunawa na ƙasa wanda aka ba wa'adin kwana 30 ya fito da shawarwari, kuma mulkin riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba.

Gida na biyu na iƙirari ne, wato abin da ya ce ya faru, ko yana faruwa, ko haka yake. Ya ce burinsu ba riƙe mulki ba ne. Ya ce takunkumin CEDEAO ya saɓa wa doka kuma babu tausayi a cikinsa. Ya ce ƙungiyar tana shirin kai wa Nijar hari tare da haɗin bakin rundunar wata ƙasar waje, amma bai kama sunan ƙasar ba.

Gida na uku na matsayi da gargaɗi ne. Ya ce su ba sa son yaƙi kuma ƙofar tattaunawa a buɗe take, ya kuma ce idan aka kawo hari, abin ba zai zo da sauƙin da wasu ke zato ba.

Me ya sa sai an raba? Domin kowane gida da irin awon da ake yi masa. Alkawari ba a ce masa gaskiya ko ƙarya a daren da aka yi shi. Lokaci ne ke auna shi, aikin ɗan jarida shi ne ya rubuta shi daidai ya ajiye. Iƙirari kuwa ana iya bincikarsa tun yau, ko aƙalla a nemi abin da ɗaya ɓangaren ya ce. Gargaɗi kuma yana rataye ne a kan sharaɗi, kuma in aka cire sharaɗin ma'anarsa ta sauya gaba ɗaya. Wanda ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya zai sa mai saurare ya ɗauki zargi a matsayin abin da aka tabbatar, ya ɗauki niyya a matsayin aikin da aka gama.

Inda ra'ayi ke shigowa ta bayan gida

Mafi yawan masu karkatar da jawabi ba ƙarya suke ƙirƙira ba. Kalma ɗaya suke sauyawa, wani lokaci ma ba da gangan ba. Dubi alkawarin shekara uku. "Ba zai wuce shekara uku ba" iyaka ce ta sama: zai iya zama shekara ɗaya, zai iya zama biyu. Wanda ya ce "sojoji sun ce za su yi shekara uku" ya mayar da iyaka ta zama tsayayyen wa'adi. Wanda ya ce "za a yi zaɓe nan da shekara uku" ya sa wa mai jawabi ranar zaɓen da bai ambata ba. Wanda ya ce "sai bayan shekara uku za su sauka" ya juya maganar a kanta, ya mayar da mafi tsawo ya zama mafi gajarta. Dukansu uku sun ambaci adadin daidai, kuma dukansu uku sun faɗi abin da ba a faɗa ba.

Haka kalmar "idan". Jawabin ya ce idan aka kawo hari za a sha wuya. Mai gaggawa ya jefar da "idan", ya ce "Janar ya ce a shirya yaƙi", sai uwa a Ɗan Isa ta kwana ba barci, ɗanta da ke Libiya ya kwana yana bugo waya. A taƙaitawa ana iya zubar da gaisuwa, da godiya, da maimaici, amma ba a zubar da "idan", da "sai dai", da "aƙalla", da "bai wuce", da "nan da". Su ne ƙashin maganar ɗan siyasa, kuma sau da yawa a kansu aka fi daɗewa lokacin rubuta jawabin.

Sai kuma fi'ilin da ake gabatar da magana da shi, wanda nan ne harshenmu ke da tarko mafi yawa. Ɗauki zargin haɗin baki da rundunar waje. Idan ka ce "ya tona asirin shirin da ake yi", ka riga ka yanke hukunci cewa shirin gaskiya ne, domin ba a tona abin da babu. "Ya fallasa" da "ya bankaɗo" duk haka suke. "Ya tabbatar da cewa" ma ya fi ƙarfin wurin, domin mai saurare zai ji kamar an kawo hujja. A ɗaya gefen, idan ka ce "wai ana shirin kai hari", wannan "wai" ɗin ta gaya wa kowane Bahaushe cewa kai ba ka yarda ba. "Ya yi ta babatu", "ya fake da cewa", "ya yi borin kunya" duk hukunci ne da aka saka wa rigar labari. "Ya amsa cewa" kuwa yana nuna da can yana ɓoyewa.

Fi'ilin da ba ya cin amana shi ne mafi sauƙinsu: "ya ce". Yana da ƴan'uwa da ake iya amfani da su idan sun dace da irin maganar: "ya yi alkawari" ga alkawari, "ya zargi" ga zargi, "ya yi gargaɗi" ga gargaɗi, "ya musanta" ga musu. Wasu matasan marubuta suna gudun maimaita "ya ce" don kada rubutu ya yi lami, sai su shiga sauya shi da kalmomi masu ado. Mu dai gara a ce mana rubutunmu ya yi lami da a ce mun sa wa mutum magana a baki.

Sunan da ake kiran mutane da shi ma matsayi ne. A watan Agustan nan, wanda ya ce "masu ceton ƙasa" da wanda ya ce "ƴan fashin mulki" duk sun gaya maka inda suka tsaya kafin su fara ba ka labari. Mafita ita ce a kira hukuma da sunan da take amsawa, a bayyana yadda ta zo da kalmomin da babu mai gardama a kansu: majalisar CNSP, wadda ta karɓi mulki ranar 26 ga Yuli. Kuma masu saƙon murya su sani cewa murya ma tana rubuta sharhi. Ƴar dariya bayan an faɗi alkawari, ko "to fa", ko tsaki, ko kiɗan yaƙi da aka sa a ƙarƙashin bidiyo, duk suna yin aikin "wai" ko aikin "ya tabbatar".

Ga yadda za ta kasance

Bari mu gwada. Mai goyon baya da bai kame bakinsa ba zai iya cewa: jarumin Janar ya tona asirin maƙiya, ya ja musu kunne, ya kuma tabbatar da cewa za a mayar da mulki ga farar hula. Mai adawa da bai kame nasa ba zai ce: sojoji sun fito da maitarsu, wai sai sun yi shekara uku, suna kuma neman jefa ƙasa cikin yaƙi. Ka lura, wanda ya ji ɗayan biyun nan bai san an ambaci taron ƙasa ba, bai san an ce ƙofar tattaunawa a buɗe take ba, bai kuma san ba a kama sunan kowace ƙasa ba. Ya san zuciyar mai ba shi labari, bai san jawabin ba.

Wadda muke ganin ta cika amana za ta yi kama da haka:

"Shugaban CNSP, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi jawabi da Faransanci a Télé Sahel ranar Asabar da dare. Ya yi alkawari biyu: za a kira taron tattaunawa na ƙasa wanda zai kawo shawarwari cikin kwana 30, kuma riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba. Bai ambaci ranar zaɓe ba. Ya ce burinsu ba riƙe mulki ba ne. Ya kira takunkumin CEDEAO haramtacce kuma na rashin tausayi, ya zargi ƙungiyar da shirin kai hari tare da rundunar wata ƙasar waje da bai faɗi sunanta ba. Ya ce ba sa son yaƙi kuma a shirye suke su tattauna, amma ya yi gargaɗin cewa idan aka kawo hari ba zai zo da sauƙi ba."

Akwai abubuwa biyu a ciki da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, kalmar "haramtacce" tana nan, amma an jingina ta ga mai ita. Kalma mai zafi ba a goge ta don a nuna adalci, domin zafin ma labari ne. Ana dai nuna bakin da ta fito. Na biyu, an faɗi abin da bai faɗa ba har sau biyu: ranar zaɓe da sunan ƙasar. Wannan halas ne muddin abu ne da duk wanda ya saurari faifan zai iya gaskatawa, kuma abu ne da mai saurare zai yi tsammanin ji. Amma "bai ambaci ranar zaɓe ba" daban take da "ya ƙi faɗin ranar zaɓe" ko "ya kauce wa batun zaɓe". Ta farko abin da kunne ya ji ne. Sauran biyun sun shiga zuciyar mutum sun karanto niyyarsa, kuma babu faifan da ke ɗauke da niyya.

Bayan an rufe taƙaitawar ne ake buɗe sabon sakin layi don martani da bayanan da ke kewaye: cewa kwamishinan CEDEAO mai kula da harkokin siyasa da tsaro, Abdel-Fatau Musah, ya ce ƙungiyar ba ta amince da wa'adin shekara uku ba; cewa kwana ɗaya kafin jawabin hafsoshin sojan ƙungiyar sun kammala taro a Akara inda aka ce an tsayar da ranar ɗaukar mataki. Waɗannan bayanai suna taimaka wa mai karatu ya auna zargin da kansa. Sai dai wurinsu daban ne, don kada ya rikita abin da aka faɗa a Yamai da abin da aka faɗa a Akara ko Abuja.

Ribar ajiye alkawari yadda yake

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, amma ba a iya tambayar mutum kayan da ba a rubuta nauyinsu ba. Ga abin da ya biyo bayan wancan jawabi. CEDEAO ba ta kai harin ba, kuma ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. Babban taron ƙasa ya zauna a Yamai a watan Fabrairun 2025. Ranar 26 ga Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tsayar da wa'adin wata 60, wato shekara biyar, da damar a sake duba shi gwargwadon halin tsaro da sauran al'amura.

A kan wannan mutane sun rabu. Masu goyon baya suna cewa taron ƙasa ne ya ba da shawarar, kuma halin da ƙasa ke ciki ya sauya. Masu suka suna cewa an ce ba za a wuce uku ba, ga shi an koma biyar. Wannan muhawara ce da ƴan ƙasa ke da haƙƙin yi, kuma ba a wannan rubutu za mu raba ta ba. Abin da muke nunawa shi ne, ba za ta yiwu cikin hankali ba sai in ɓangarorin biyu sun yarda da abin da aka faɗa tun farko. Wanda aka gaya wa "za a yi zaɓe nan da shekara uku" da wanda aka gaya wa "sai sun yi shekara uku" za su kwana suna musu a fada, shayi ya huce, alhali kowannensu yana kare maganar da ba a yi ba.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan ƙa'ida ta zamanin soja ce kawai. Lokacin da Mahamadou Issoufou ya zo da alkawarin samar wa matasa guraben aiki 50,000 a kowace shekara, wannan na gidan alkawari ne. Da ya dawo a shekarun baya yana lissafa abin da gwamnatinsa ta yi, alƙaluman da ya kawo na gidan iƙirari ne, kuma "ya ce an samar" ya kamata a rubuta, ba "an samar" ba, har sai an ga inda lissafin ya fito. Haka alkawarin Mohamed Bazoum na gina makarantun kwana ga ƴan mata. Haka jawabin ɗan adawa, da na shugaban ƙungiyar ƙwadago, da na magajin gari. Mudun da aka auna wa wanda kake so, da shi za a auna wa wanda ba ka so.

Abin da masu suka za su ce

Mun san akwai masu ganin wannan tsari tsoro ne aka yi wa kwalliya. Za su ce: idan shugaba ya faɗi abin da ba haka ba ne, kai kuma ka maimaita da "ya ce", ai ka zama lasifikarsa. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa ɗan jaridar da ya tsaya a "ya ce" har abada bai gama aikinsa ba. Amsarmu ita ce a yi binciken, a buga shi, amma a bayyane. Idan mai jawabi ya ce an gama hanya kaza, wakilinmu kuma ya je ya tarar ba a zuba kwalta ba, sai a rubuta: ya ce an gama, wakilinmu ya je ranar kaza, ga abin da ya gani. Wannan ya fi "wai" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin "wai" tana roƙon mai karatu ya yarda da kai, shaida kuwa tana ba shi abin da zai riƙe. Mai dogaro da "wai" sau da yawa bai je ko'ina ba.

Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce: ƙasa na cikin yaƙi da ƴan ta'adda da matsin lamba daga waje, wannan ba lokacin tsayawa tsakiya ba ne. Muna girmama kishin da ke bayan wannan magana. Amma wanda ya ƙara wa jawabin shugaba gishiri don ƙauna ya ɗora masa bashin da bai ci ba. In ka ce ya yi alkawarin farashin shinkafa zai sauka kafin azumi alhali cewa ya yi za a duba lamarin, ranar da farashin bai sauka ba shi za a kira maƙaryaci, kai kuma ka shige cikin taro. Ga kuma wani abin lura ga duk mai tura saƙo: tun watan Yunin 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Kowane irin ra'ayi mutum ke da shi kan wannan doka, wanda ya jingina wa wani maganar da bai yi ba ya jefa kansa cikin hatsari, ya kuma jefa waɗanda suka tura saƙonsa gaba.

Dole mu kuma yarda da iyakar abin. Babu taƙaitawar da ta kuɓuta sarai daga hannun mai ita, domin wanda ya mayar da jawabin rabin awa ya zama layi goma ya zaɓi abin da zai bari, kuma ya zaɓi abin da zai sa a gaba. Abin da ake iya yi shi ne a rage ɓarnar. Idan mai jawabi ya kashe rabin lokacinsa kan tsaro, ya taɓa batun makaranta da jimla ɗaya, kada taƙaitawa ta juya wannan rabo ba tare da ta sanar ba. Idan kuma jimla ɗayar nan ce sabon abu, ana iya ɗaukaka ta, amma a gaya wa mai karatu cewa a gajarce aka ambace ta. Fassara ma zaɓi ce. Karin maganar Faransanci ba kullum take da ƴar'uwa a Hausa ba, kuma wanda ya ɗauko karin maganarmu mai kaifi ya maye gurbin wata mai sanyi ya ƙara wa jawabin wuta. A irin wannan wuri gara a faɗi ma'anar a fili. Ko a lokutan da shugabanni ke hira da Hausa kai tsaye, kamar yadda Janar Tiani ya sha yi a talabijin, hirar kan yi tsawo, kuma yawancin mutane guntaye ne ke isa gare su, don haka aikin bai ragu ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da muke ba abokan aiki shawarar yi kafin su saki rubutu. A karanta wa mutum biyu, ɗaya mai son mai jawabin, ɗaya mai adawa da shi, a tambayi kowannensu: haka ya faɗa? In dukansu sun ce haka ne, ko da kowa ya ɓata rai don ba a taya shi ba, aikin ya yi. In kuma ɗayansu ya iya gane ɓangaren da marubucin yake daga karatun kawai, to a koma kan faifan. Gwaji na biyu na mutum shi kaɗai ne: ya bi kowace jimla ya tambayi kansa, a wane minti aka faɗi wannan? Jimlar da ba ta da minti, tasa ce, ya cire ta ya kai shafin ra'ayi.

Ku kuma masu karatu, musamman ƴan'uwanmu da ke nesa da gida, kuna da naku rabon. Idan saƙon murya ya iso, kafin ku tura shi rukunin ƴan garinku, ku tambayi wanda ya aiko: kai ka saurari jawabin duka, ko kai ma turo maka aka yi? Wace rana aka yi shi? Domin tsohon jawabi kan dawo yawo da sabuwar riga. Wannan da ka faɗa, alkawari ne ya yi, ko zargi ne, ko kuwa fahimtarka ce? Wanda ya yi aikinsa da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Mu a nan mun ɗaukar wa kanmu wannan: duk jawabin da muka taƙaita za mu faɗi ranarsa, da harshen da aka yi shi, da inda aka watsa shi. Za mu ware alkawura da adadinsu da wa'adinsu, mu ajiye su, mu dawo kansu idan lokacinsu ya yi. Za mu jingina kowane iƙirari ga mai shi. Ra'ayinmu kuwa muna da shi, kuma ba ma ɓoye shi, amma za ku same shi ne a wannan shafi, ƙarƙashin kalmar da ke saman rubutun nan. In kun kama mu mun saɓa, ku turo mana mintin da muka karkatar, za mu gyara a inda kowa zai gani.